Idon Ƙarshe Kafin Sanarwa Ta Isa Ɗakin Labarai

Editan da ke haɗa labaran yamma a gidan rediyo ba ya karanta sanarwar manema labarai har ƙarshe kafin ya yanke mata hukunci. Kai yake dubawa, sai layi biyu ko uku na farko. In ya ga labari ya ci gaba, in bai gani ba ya wuce ta gaba, domin wayarsa cike take da irinta daga ma'aikatu da ƙungiyoyi da 'yan siyasa, ga agogo yana tafiya. Ba wanda ya ɗora masa nauyin tono abin da mai sanarwa ya binne a sakin layi na biyar.

Wannan ne ya sa nake girmama mutumin da ake miƙa wa sanarwa ya duba kafin a aika. A wasu ofisoshin babban jami'in hulɗa da jama'a ne, a wasu kuma tsohon ɗan jarida ne da aka roƙa ya ɗan leƙa. Sunansa ba ya fitowa a takardar, amma shi ne yake sa ta shiga labarai ko ta kwana a waya ba a buɗe ba. Gwaninsu yana da dabara guda da komai ya rataya a kanta: yana ajiye rigar ofishinsa, ya karanta takardar da idon wancan editan mai gaggawa wanda bai san ƙungiyar ba, bai kuma damu da ita ba. Wannan ya fi yadda ake zato wuya, domin wanda ya san magana ciki da waje ba ya ganin giɓin da ke cikinta. Ƙwaƙwalwarsa ce take cike masa gurbin ba tare da ya sani ba.

Bari mu bi shi a kan takarda guda. Misali ne na tsara don bayani, ba na wata ƙungiya takamaimai ba, amma duk wanda ya zauna a ɗakin labarai ya ga 'yan uwanta. A ce wata ƙungiyar agaji za ta yi aikin ido kyauta a babban asibitin wata ƙaramar hukuma. Jami'inta ya rubuto sanarwa mai shafi biyu. Kanta yana cewa ƙungiyar ta kai ziyarar ban girma fadar Hakimi. Sakin layi na farko ya lissafo tawagar da muƙamansu. Na biyu ya ba da tarihin ƙungiyar tun kafuwarta. Na uku godiya ce ga gwamnati da masu tallafi. Na huɗu jawabin shugaba. Sai a na biyar aka ambata, kamar a wucewa, cewa za a yi wa mutum 300 aikin yanar ido kyauta, za a kuma fara tantancewa "mako mai zuwa".

Abin da gwani yake fara yi shi ne ya karanta sau ɗaya ba alƙalami a hannu, ya kife takardar, ya tambayi kansa: in na kira abokina a waya yanzu, me zan ce masa ya faru? Ba zai ce "wasu sun je gaishe da Hakimi" ba, don kullum ana zuwa. Zai ce "za a yi wa masu yanar ido aiki kyauta a garinku, ka gaya wa Baba." To, wannan jimlar ita ce labarin, ita kuma za ta hau sama. Ziyarar fada ba a jefar da ita ba. Ta sauko ƙasa, ta koma layi guda da ke nuna cewa masarauta ta san da aikin, wanda yake da amfani ga dattijon da ke shakkar zuwa.

Ya kamata a yi wa marubucin adalci. Tarbiyyarmu ce take aiki a hannunsa. Mu mutane ne da ba ma shiga magana sai mun gaisa, mun tambayi gida da aiki da gajiya, kuma wanda ya faɗo da buƙatarsa tun daga ƙofa ana ganinsa marar ladabi. A gaban manya haka ya dace. Amma labari yana da tsarinsa daban: mafi muhimmanci a sama, mai bi masa a ƙasa, har a sauko kan abin da in an cire ba a yi asara ba. Dalilin kuwa na aiki ne. Edita yana yanke labari daga ƙasa in wuri ya yi kaɗan. Labarin daƙiƙa talatin a rediyo bai wuce jimla huɗu ko biyar ba. In aka yanke waccan sanarwar daga ƙasa yadda aka rubuto ta, abin da zai rage shi ne sunayen tawaga, masu ciwon ido kuwa ba za su ji komai ba. Saboda haka gwani yakan yi gwaji da tafin hannunsa: ya rufe sakin layi na ƙarshe ya ga ko labarin yana tsaye, ya rufe na samansa, haka har ya rage na farko kaɗai. In na farkon shi kaɗai zai iya zama labari a bakin mai karantawa, tsarin ya yi.

Daga nan sai ya shiga tambayoyin da kowane ɗalibin aikin jarida ya haddace: wa, me, yaushe, a ina, don me, ta yaya. Haddar ba wuya. Inda gwaninta take shi ne ƙin karɓar amsar da ta yi kama da amsa alhali ba ta amsa komai ba. "Mako mai zuwa" ba lokaci ba ne, domin sanarwa tana yawo a WhatsApp kwana da kwanaki, wanda ta isa gare shi a makare zai lissafa makon daga ranar da ya gani. Sai a sa rana da kwanan wata da ƙarfe nawa. Ya kuma buɗe kalanda ya gwada, don sau da yawa za ka ga an rubuta Litinin 12 ga wata alhali 12 ga watan Talata ce, saboda an ɗauko tsohuwar sanarwa an yi gyara a kanta. Irin wannan ƙaramin saɓani yakan raba jama'a gida biyu, wasu su zo Litinin wasu Talata. "A asibiti" ma ba wuri ba ne in garin yana da babban asibiti da asibitin sha-ka-tafi; sai a faɗi wanne, da wane sashe.

Sai lambobi. A takardarmu, jawabin shugaba ya ce mutum 500 za su amfana, sakin layi na biyar ya ce 300. Mai duba na gari ba ya zaɓar wadda ta fi daɗin ji, ba ya kuma zato. Yana kiran wanda ke riƙe da tsarin aikin ya tambaya. Amsar tana iya zama cewa 500 za a duba, 300 daga cikinsu ake da kuɗin yi wa tiyata. Duka lambobin gaskiya ne, amma in aka sanar cewa za a yi wa 500 aiki, an yi wa mutum 200 alkawarin da ba za a cika ba, kuma a ƙofar asibiti za a ga sakamakon. Haka kalmar "kyauta". Kyauta har da magani da tabarau? Har da kuɗin kati? Wanda ya taso daga ƙauye da kuɗin mota kawai yana da haƙƙin sanin wannan tun daga gida, edita mai hankali kuma zai tambaya. Gara amsar ta kasance cikin takardar.

Wani abin da yake farauta shi ne labari na biyu da ya laɓe a cikin na farko. A ce can ƙasa an ƙara da cewa ƙungiyar ta naɗa sabon sakatare. Gwani zai zare shi ya ce a yi masa tasa takardar wata rana. Sanarwa mai kai biyu tana tilasta wa edita ya zaɓa, kuma ba lallai ya zaɓi wanda ake so ba. In an gama, kan labarin ya zama gajere, mai aikatau a ciki: za a yi wa mutum 300 aikin yanar ido kyauta a gari kaza. Sunan ƙungiyar yana iya jira zuwa layin farko, sai fa in sunan ne da kansa yake jan hankali. Nan ne ake yawan samun ja-in-ja da shugabanni, kuma nan ne ake gane mai duba da ya san aikinsa, domin yakan iya gamsar da shugaba cewa sunan da aka ji a layi na biyu na labarin da ya fita ya fi sunan da ke kan takardar da ba a karanta ba.

Yanzu kalaman da aka sa a bakin mutane. A nan ne mafi yawan sanarwa suke mutuwa, a nan kuma aikin gwani ya fi burge ni. Jawabin shugaba a takardarmu cewa yake: "Muna matuƙar farin ciki da alfahari da wannan gagarumin shiri, wanda ke nuna jajircewarmu wajen inganta rayuwar al'umma." Gwajin mai sauƙi ne. A rufe sunan mai maganar, a tambaya: wa kuma zai iya faɗin wannan? Manajan banki zai iya, shugaban ƙungiyar direbobi zai iya, kwamishina mai buɗe rijiyar burtsatse zai iya. Maganar da ta dace da kowane baki ba ta gaya wa mai sauraro komai, edita kuma ya ga dubunta, zai tsallake.

Akwai kuskure na biyu, kishiyar wannan: a cusa bayanai cikin alamar zance, a sa shugaba yana karanto ranaku da lambobi da sunan asibiti. Waɗannan na gundarin labari ne, ɗan jarida zai faɗe su da muryarsa. Abin da ɗan jarida ba shi da ikon faɗa da bakinsa shi ne ra'ayi, da dalili, da alkawari, da abin da mutum ya gani da idonsa. Wannan ne gurbin da kalaman mai magana suke cikewa. Saboda haka mai duba ba ya zama ya ƙawata jimlar da ba ta da rai. Yana ɗaukar waya ya kira likitar da za ta jagoranci aikin, ya ce, "Likita, don Allah me ya sa kuka zaɓi wannan garin? Me kike gani in marasa lafiya sun zo?" Sai ya yi shiru ya saurara. A ce ta amsa masa da cewa yawancin waɗanda suke zuwa sun daɗe a zaune a ɗaki suna zaton tsufa ne ya ɗauke musu gani ba magani, alhali aikin ba ya ɗaukar dogon lokaci, kuma roƙonta shi ne 'ya'ya su kawo iyayensu a duba su. To, ga abin sawa nan. Ba wanda zai iya faɗinsa sai wadda ta ga marasa lafiyar, yana da dalili a ciki, yana kuma gaya wa mai sauraro abin da zai yi.

Gwani yakan karanta kalaman a bayyane, da murya. In numfashi ya ƙare masa kafin jimla ta ƙare, ko ya ji kalmomin da ba mai furta su a zance, ya san a kan tebur aka ƙera su. Gaskiya ne a wannan sana'a jami'ai sukan tsara wa shugabanninsu kalamai, ba kuma laifi ba ne, da sharaɗi guda da ba a sassauta shi: mai maganar ya gani, ya amince kalma da kalma kafin a aika. Mai duba yana tambaya kai tsaye, "Shugaba ya ga wannan?" In aka ce "ai zai yarda", takardar ba ta fita. Ranar da ɗan jarida ya tare shugaban ya karanto masa maganar da bai san da ita ba, ranar ce amanar da ke tsakanin ofishin da gidan jaridar take karyewa. In kuwa maganar ta majiyyaci ce da aka yi wa aiki a baya, sai an tabbatar ya yarda a ambaci sunansa da ciwonsa, ya kuma fahimci cewa a rediyo za a ji.

Yana kuma sa ido kan alkawarin da ya wuce gona da iri. In an sa a bakin wani cewa duk wanda ya zo zai koma gida yana gani, gwani zai soke shi, domin ba kowace makanta ce yana ba. Mai hawan jinin ido, alal misali, ganin da ya riga ya rasa ba ya dawowa da wannan aikin. Magana mai ƙarfi tana jan hankalin edita, amma in ta zarce gaskiya, ƙungiyar ce za ta amsa tambayoyi daga baya.

Akwai wani ɓangare da ya keɓanta da mu. Yawancin sanarwar hukumomi da ƙungiyoyi a Najeriya da Turanci ake rubuta su, a Nijar kuma da Faransanci, alhali mutanen da ake son su ji da Hausa za su ji, daga Freedom Radio ko Rediyon Kano ko Rediyon Tarayya na Kaduna, ko su karanta a Aminiya. Ma'ana wani ne a ɗakin labarai zai fassara, cikin sauri, kuma kalaman da ke cikin alamar zance za su fito da kalmomin da mai su bai taɓa furtawa ba. Mai duba da ya san wannan yakan nemi a haɗa da kwafin Hausa wanda ofishin ya tsara da kansa, musamman saboda sunayen cututtuka da lambobi, inda kuskure yake da tsada. Ya fi haka ma, ya nemi a naɗi muryar likitar na daƙiƙa ashirin ko talatin a wuri marar hayaniya, a aika tare. Rediyo murya take so. Sanarwar da ta zo da murya a shirye ta rage wa edita tura wakili, kuma wannan kaɗai yakan isa ya sa ta shiga labaran ranar.

Suna da muƙami kuwa, ana dubawa harafi da harafi. Muhammad ne ko Mohammed, Sa'idu ko Sa'id, shugaba ne ko muƙaddashi. Sarautar gargajiya da laƙabi suna da wurinsu, amma abin da edita yake buƙata shi ne muƙamin da ya ba mutumin hurumin magana a kan wannan batu.

Saura layukan ƙarshe, waɗanda kowa yake rainawa. Tun sanarwar da ake yawan kira ta farko a tarihin sana'ar, wadda Ivy Lee ya fitar a madadin kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania bayan haɗarin da ya auku a Atlantic City a 1906, manufar ita ce a buɗe wa 'yan jarida ƙofa su sami bayani daga tushe. Sanarwar da ba ta da wanda za a tuntuɓa ta rufe wannan ƙofar. Ga shi kuma zamanin sanarwar bogi ne, inda ake ɗauko tambarin hukuma a manna a kan ƙarya. Editan kirki ba ya sa labari sai ya ji muryar wani daga ofishin ya tabbatar masa takardar tasu ce.

Gwani ba ya tsayawa a ganin cewa akwai lamba. Yana ƙirga ta: lambar wayar hannu a Najeriya alƙaluma 11 ce, ta Nijar 8, kuma in sanarwar za ta tsallaka iyaka sai a sa +234 ko +227 a gaba, a kuma cire sifilin da ke farkon ta Najeriya. Bayan ya ƙirga sai ya buga, a gaban marubucin. Abin da ake ganowa a wannan bugu ɗaya yana da yawa: layin da aka daina amfani da shi, lambar jami'in da ya bar aiki, alƙalami guda da ya sauya wuri. In an ɗauka, sai ya tambayi mai wayar ko ya san an sa sunansa, ko ya karanta sanarwar, da kuma inda zai kasance a sa'o'in da za su biyo bayan aikawa. Ba amfani a sa lambar wanda zai wuni a ƙauyen da ba sabis, ko a taron da ake kashe waya. Ɗan jarida mai labaran ƙarfe shida ba zai jira gobe ba. In ya buga sau biyu ba a ɗauka ba, ya tafi wani labarin. Shi ya sa ake sa sunan mutum takamaimai da muƙaminsa, da lamba ta biyu ta wanda zai tsaya in na farko bai samu ba, da imel ɗin da ake buɗewa kullum.

A misalinmu akwai ƙarin abu: lambar 'yan jarida daban, ta jama'a daban. In aka sa guda ɗaya, mai karanta labarai zai faɗe ta a iska, daga nan wayar jami'in ta cika da kiran masu tambayar ko su kawo kakarsu, 'yan jarida kuma su kasa samunsa. Sai a rubuta ƙarara wacce ce ta sanarwa ga jama'a, wacce ce ta ɗakin labarai kaɗai.

Kafin ya sallami takardar yana duba yadda za ta isa. Hoton takarda da aka ɗauka da waya ba ya kwafuwa, sai edita ya sake bugawa da hannu, kuma a nan kurakurai suke shiga, in ma ya yi haƙurin bugawar. A aika rubutun a cikin saƙon kansa, sannan a haɗa da mai tambari da sa hannu don shaida. A sa ranar fitarwa a sama. In akwai lokacin da ba a so a watsa kafinsa, a rubuta shi a layin farko da rana da sa'a, tare da sanin cewa wannan roƙo ne da ya dogara da mutuncin gidan jaridar. Abin da zai yi ɓarna in ya fita da wuri, kada a tura shi zauren WhatsApp mai ɗaruruwan mutane. Sai a lura da lokacin aikawa: wadda aka tura ana dab da tafiya masallacin Juma'a, ko bayan an rufe haɗa labaran yamma, ta riga ta yi rauni komai kyanta.

Wannan gwaninta tana da iyaka, kuma masu ita sun fi kowa sani. Ba ta ƙirƙirar labari inda babu. Wani lokaci mai duba zai kife takarda ya nemi jimlar da zai faɗa wa abokinsa a waya, ya rasa, domin abin da ya faru shi ne an yi taro an ci abinci an watse. A nan hukuncinsa shi ne kada a aika, ko da shugaba ya matsa. Dalilinsa na lissafi ne: edita yana riƙe sunayen masu aiko masa shirme, kuma ofishin da ya cika masa waya da takardun banza, ranar da ya zo da labarin gaske ba za a buɗe saƙonsa ba.

Kai da ke rubuta wa ƙungiyarku ko ma'aikatarku sanarwa, kada ka zama mai duba aikin kanka. Nemi wanda bai halarci taron ba, ka ba shi ya karanta sau ɗaya, ka karɓe takardar, ka ce ya faɗa maka labarin. In abin da ya faɗa ba shi kake son a ji a rediyo ba, koma ka sake layin farko. Sannan ka ba shi wayarka ya buga lambar da ke ƙasa kafin ka tura.